Murya ko rubutu: kunnen wa labarin zai fara faɗawa?

Yawancin saƙonnin da malamin makaranta ke aika wa iyaye ba su buƙatar dogon tunani. Gobe babu lakwal, ranar Asabar akwai taron iyaye, a zo da kara da zana don gyaran rumfar aji. Waɗannan ko an rubuta, ko an danna makirfo an faɗa, duk ɗaya ne, in ma duk gari ya ji sai a ce madalla. Amma akwai wani irin labari da yatsa ke tsayawa a kansa. Yaro ya yi sata a aji, ko za a kore shi, ko yarinya ta yi mako uku tana fita daga gida da kayan makaranta amma ba ta isowa, ko an ga wani ciwo a jikin ɗalibi wanda iyaye ba za su so maƙwabta su sani ba. A nan ne mutum ke duban wayarsa, ga wurin rubutu ga alamar makirfo gefe da gefe, ya rasa wanda zai taɓa.

Abokan aikina da yawa sun yanke hukunci tuntuni cewa murya ta fi. Hujjarsu ita ce murya tana ɗauke da tausayi, ana jin sanyinta, rubutu kuwa busasshe ne. Ban musa ba. Sai dai bayan shekarun da na yi ina koyarwa a ƙauyukan gundumar Mayahi, sannan a ɓangaren Tasawa, abin da nake fara tambayar kaina daban ne. Nakan ce, wannan saƙo in ya bar hannuna, wa zai fara jinsa ko karanta shi, yana ina a lokacin, kuma su wa ke zaune kusa da shi? Sau da yawa amsar ba ta faɗa kan wanda na nufa.

Bari in fara da rubutu, tunda mu malamai can zuciyarmu ta fi karkata. A Nijar, manyan da ke iya karatun boko ba su kai rabi ba, kuma a karkara, musamman tsakanin mata, abin ya fi haka ƙasa. Da yawa daga cikin iyayen ɗalibaina sun yi karatun allo, wasu suna rubuta ajami tsaf, amma saƙon da ya zo da haruffan boko sai an nemo mai karantawa. To wane ne mai karantawar? In an yi sa'a, wani ƙane ne da ya yi kwaleji. In ba a yi ba, yaron da ke cajin waya a bakin kasuwa ne, wanda wayoyin rabin gari ke kwana a rumfarsa. Mafi yawa kuma, mai karatun gidan shi ne ɗalibin da ake magana a kansa. Ka rubuta wa uba cewa ɗansa bai zo makaranta ba kwana goma, uban ya miƙa wa ɗan wayar ya ce, "Karanta mini abin da mushe ya ce." Duk malamin da ya daɗe a aiki ya san irin fassarar da ke fitowa daga nan. "Ya ce ana gaishe ka, kuma a kawo kuɗin alli."

Ko uban na iya karatu, rubutu yana da wata tawaya da ba a cika lura da ita ba. Farkon saƙon yakan fito a fuskar waya tun ba a buɗe ta ba. Wayar na ajiye kan tabarma, ko tana hannun yaro yana kallon bidiyo, sai layin farko ya bayyana a sama. In layin nan ya ce "ɗiyarka wance", ya kuma ambaci abin da ya faru, to an gama, ba sai an shiga WhatsApp ba.

Sai kuma yadda muke rubuta Hausar kanta a waya. Mu da muka yi makaranta da Faransanci, kowa da salonsa, wani ya rubuta "ciwo", wani "tchiwo", wani "tchiyo". Yawancin wayoyi ba a saita musu ƙ da ɗ da ɓ ba, ga shi dama ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutu. A hira ta yau da kullum wannan ba komai, mai karatu yana cike giɓin da kansa. A labari mai nauyi kuwa harafi guda na iya jefa gida cikin kuka. Tsakanin "ya rasa" da "ya rasu" wasali ɗaya ne. Tsakanin "tana ciki" da "tana da ciki" ƴar kalma ce mai harafi biyu, ga kuma wayar da aka saita da Faransanci tana gyara maka kalmomi yadda ta ga dama. Wata malama da muka yi aiki tare ta taɓa rubuta wa wani uba cewa sunan ɗiyarsa na cikin jerin waɗanda za a tura kwaleji, ta ce "tana ciki". Wanda ya karanta masa ya yi tuntuɓe a kan kalmar, ya maimaita ta yadda ya zata, kafin la'asar uban ya iso makaranta a kan babur ko hula babu. In kuma ka ce za ka kyautata ka sa haruffa masu lanƙwasa a saƙon SMS, to ka sani saƙon da ke ɗaukar harafi 160 zai koma 70 kacal, ya rabu gida biyu ko uku, wata ƙaramar wayar ma ta nuna ƴan akwatuna a gurbin haruffan.

Duk wannan kamar yana ba masu son murya gaskiya ne. To mu duba ita ma tata hanyar. Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, shi ya zama wasiƙar mutanenmu, har a 2022 kamfanin ya ce ana aika irinsa kusan biliyan 7 kowace rana a duniya. A nan muna ce masa bokal ko odiyo. Ya raba uba da neman mai karatu, wannan babban abu ne. Amma ta lasifika yake fita. Mutum na zaune a majalisa bayan magariba, ko a zaure ana shan shayi, sai ya ga saƙo daga malamin ɗansa. Abin da zai gani kawai shi ne alamar makirfo da tsawon saƙon, a ce 1:40. Babu abin da zai gaya masa ko gaisuwa ce ko masifa. Sai ya danna, ya ɗaga wayar kusa da kunne a kwance kamar mai riƙe da faifai, kowa na ji. Akwai dabarar da ba kowa ya sani ba: in ka danna saƙon ka manna wayar a kunne kamar mai amsa kira, sautin yakan koma ƙaramin bakin da ke sama, kai kaɗai ke ji. Ina koya wa iyaye wannan a taro, amma ba zan jingina sirrin yaro a kan cewa uban zai tuna ba.

Abu na biyu, murya ba ta da musu. Rubutu in ya yi yawo, ana iya cewa wa ya san wanda ya rubuta. Murya kuwa duk gari ya san ta mushe ce. Dannawa biyu ta isa a tura ta wani zaure, ta fita da ƴar alamar nan ta Transféré a kanta, wadda ba ta hana kowa saurare. Wani abokin aiki a wata makaranta ya aika wa wata uwa bokal na minti uku kan halin ɗanta, ya yi maganar cikin ɓacin rai, har ya ambaci yaran da suke yawo tare da sunayen gidajensu. Uwar ba ta yi don mugunta ba, ta tura wa yayanta ne don neman shawara. Cikin kwana biyu saƙon ya zagaya zauren matasan garin, iyayen sauran yaran suka taru a ƙofar darakta. Ya nemi ya goge. WhatsApp yana ba da kamar kwana biyu a danna Supprimer pour tout le monde, amma wannan naka kawai yake ɗaukewa, wanda aka riga aka tura gaba yana nan daram. Rubutu ma tun 2023 ana iya gyara shi cikin minti 15 bayan an aika, murya kuwa ba ta gyaruwa. Kada mu manta kuma ƙasar nan na da dokar laifukan intanet tun 2019, wadda a 2024 aka maido mata da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta hanyar waya. Malamin da ya kira ɗan wani ɓarawo da muryarsa, ya ajiye wa kansa shaida ne a aljihun mutane.

Wani lokaci nakan tuna zamanin da muke yara, lokacin da masu tafiya bida ke aiko da wasiƙa ko kaset daga Legas ko Libiya. Kaset a tsakar gida ake sa shi, kowa ya zauna, shi ya sa mai ɗauka ya san abin da zai faɗa da wanda zai bari. Wasiƙa kuma wurin malamin lakwal ko liman ake kai ta. Mai karatun yakan fara bi da ido shi kaɗai, in ya ga akwai nauyi sai ya sallami yara, ya gyara zama, ya fara da "sai haƙuri". Wato akwai mutum a tsakani wanda ke duban fuskar mai saurare yana auna abin da zai iya ɗauka. Waya ta cire wannan mutumin, kuma ba rubutu ba murya babu mai cike gurbinsa.

Ga wani abu da ya faru a ajina, wanda ya nuna mini yadda ake raba aikin tsakanin hanyoyin biyu. Ba zan ambaci gari ko suna ba. Yarinya ce ƴar shekara goma sha ɗaya a aji biyar, mai ƙoƙari a lissafi. Wata safiya cikin watan Fabrairu muna tsakiyar darasi sai ta zame daga benci, jikinta ya sandare sannan ya shiga karkarwa. Na kwantar da ita ta gefe, na janye bencina, na hana yaran da suka ruga neman cokali su sa mata a baki, na duba agogo. Abin ya ɗauki kamar minti biyu, ta farfaɗo a gajiye ba ta san me ya faru ba. Bayan mako uku ya sake faruwa a filin wasa.

Kowa ya san sunan da za a kira wannan a gari, kuma kowa ya san abin da sunan ke jawo wa ɗiya mace a ƙauye. Za a ce iska ce, a hana yara cin abinci kwano ɗaya da ita don ana zaton ana ɗauka, alhali ba a ɗauka, kuma maganar za ta jira ta har ranar da wani zai zo neman aurenta. Ga shi kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na masu irin wannan ciwo za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba in sun samu maganin da ya dace. Saboda haka shiru ba zai yiwu ba, dole a kai ta asibiti, kuma dole maganar ta bi ta hanyar da ba za ta zube a titi ba.

Lambar da ke cikin rajistata ta ƙanen ubanta ce, mai shago a bakin hanya, wayarsa kullum tana kan teburi. Wannan na ajiye ta gefe. Uwar ba ta da waya, gidansu kuma tafiyar minti goma ce daga makaranta, don haka babu dalilin aika mata komai. Na roƙi wata malama da shugabar ƙungiyar iyaye mata suka je suka same ta a ɗaki. Ashe ta sani, ya taɓa faruwa sau ɗaya da dare, ta ɓoye. Ta yarda a je asibiti, amma ta ce, "Sai abin da mai gida ya ce." Izinin nasa ne, kuɗin mota da na magani ma daga wurinsa za su fito. Shi kuwa yana Sabha a Libiya, shekararsa ta biyu ke nan. Ta ba da lambarsa a ƴar takarda, ta ce mushe ya yi masa bayani, ita ba za ta iya ba, ga ɗiyar fari ce ko sunanta ba ta faɗa.

Abin da na sani game da mutumin kaɗan ne, amma ya isa. Ba ya karatun boko, kuma kamar yawancin ƴan bida, ɗaki guda suke kwana da wasu ƴan garinsu. Wannan na biyun shi ne haɗarin. In na rubuta, ɗan garinsu ne zai karanta masa. In na aika dogon bokal, da dare zai buɗe shi bayan an tashi aiki, lokacin da ɗakin ya cika. Ko ta wace hanya, labarin zai je Sabha ya dawo ƙauyen kafin yarinyar ta ga likita.

Saƙona na farko murya ce, daƙiƙa ashirin da ƴan kai, kuma na shirya shi ne da zaton mutum goma za su ji. Na ce, "Salamu alaikum Malam, ni ne malamin lakwal na garinku. Ina gajiya, ya aiki? Iyalinka duka suna nan ƙalau, yanzu na ga yara sun tashi. Akwai shawarar makaranta da nake so mu yi ni da kai. In ka samu wuri kai kaɗai, ka yi mini alama." Jimlar nan ta cewa iyali na nan ƙalau ba ado ba ce. Mutumin da ke nesa da gida in ya ji "ina son magana da kai" daga bakin da bai saba ji ba, mutuwa yake fara kawowa, domin haka muke sanar da rasuwa, mu ce jiki ya yi tsanani a zo gida. In ba ka rufe wannan ƙofar ba, ka hana shi barci. Ban kuma ambaci wace cikin ƴaƴansa ba.

Da safe na ga alamar makirfon ta koma shuɗiya, wato an saurara. Ba ta faɗin wa ya saurara, shi ya sa ban ƙara komai ba sai da muryarsa ta zo da rana: "Mushe, na fito waje, ni kaɗai ne." Na gwada kira, domin kira ya fi duka biyun, kana jin numfashin mutum ka san inda za ka dakata. Sau uku yana yankewa, abin da ke isa kunnensa guntaye ne. Guntun labari irin wannan ya fi shiru muni, sai na katse na ce masa ya tsaya inda yake, saƙo na zuwa. Amfanin bokal a inda rezo ba shi da ƙarfi ke nan, yakan jira ya tafi, amma in ya isa, cikakke yake isa.

Kafin in danna, na rubuta abin da zan faɗa a bayan takardar darasi, layi biyar. Wannan ita ce dabarar da na fi amfana da ita: a tsara maganar a rubuce, a isar da ita da baki. Mai magana ba shiri yakan yi ta kewaye, ya maimaita, ya faɗi abin da bai yi niyya ba, ga shi mai saurare yana iya sa saurin 1.5x ko 2x in ya gaji, sai muryar lallashi ta koma kamar ta mai faɗa. Na ja makirfon sama ya kulle don kada yatsa ya zame saƙon ya tafi rabi, na yi magana, na tsayar, na saurari kaina kafin in aika. Na farkon na goge shi, saboda na ji na ce "ta faɗi a aji" na wuce, alhali a bakin malami wannan na iya nufin ta faɗi jarrabawa. Na biyun ya yi minti ɗaya da daƙiƙa goma. Ga gundarinsa:

"Malam, a kan babbar ɗiyarka ce. Yanzu haka lafiyarta lau, tana aji, jiya ma ita ta fi kowa a lissafi. Amma sau biyu cikin wata guda jikinta ya ɗauki karkarwa ta faɗi ƙasa, kamar minti biyu, sannan ta tashi. Ni ba likita ba ne, ba zan sa wa abin suna ba. Abin da na sani shi ne likitoci na da maganin irin wannan, kuma gara a je da wuri. Mahaifiyarta ta sani, izininka take jira a kai ta babban asibitin gunduma."

Da gangan na fara da halin da take ciki yanzu kafin abin da ya faru, don kunne ya samu wurin tsayawa. Na faɗi abin da idona ya gani da adadinsa, na bar sunan ciwo ga masu shi. Ban kira sunanta ba, ban ambaci garin ba, ta yadda ko saƙon ya fita, baƙo ba zai san wa ake nufi ba. Na kuma ƙare da abu guda da ake so ya yi. Mutumin da aka ba mugun labari ba tare da aikin yi ba, shi ne ke tura saƙo ga dangi yana tambayar yaya za a yi.

Na yi tunanin sa alamar nan ta saurare sau ɗaya, wadda aka ƙara wa saƙon murya a ƙarshen 2023, mai sa saƙo ya ɓace da zarar an ji shi kuma ba a iya tura shi. Na fasa. Ba a fahimtar irin wannan labari a ji na farko, rabinsa tsoro ke cinyewa, kuma uba na da haƙƙin ya sake ji sau uku ko huɗu. Ga shi ɓacewar saƙo tana sa mutum zargin ana ɓoye masa wani abu mafi girma. Maimakon haka sai na roƙe shi da baki, in ya gama ji ya goge. Wannan alamar na fi ganin amfaninta tsakanin malami da malami, in ana son a ja kunnen abokin aiki kan wani abu ba tare da an bar sawu ba, ko da yake ita ma ba ta hana a ɗauka da wata wayar.

Amsarsa ta zo bayan kusan awa guda, muryar a dishe. Ya yi godiya, ya ce a kai ta, ya tambayi nawa zai aiko. A nan ne rubutu ya shigo. Mu a nan da dala muke ƙirga kuɗi, in na ce "dubu" da baki, dattijo zai ji dala dubu, wato jikka biyar, ɗan boko kuma ya ji jikka ɗaya. Rana ma haka, "jibi" a saƙon da aka buɗe bayan kwana biyu ta zama wata ranar. Saboda haka na faɗa da murya, jikka bakwai, ranar Alhamis mai zuwa, sannan na bi da layi guda a rubuce mai ɗauke da 7000 F da kwanan wata da lambobi, ba suna, ba dalili. Wannan ko wa ya nuna wa ya karanta masa, ko mai aika kuɗi ne, babu abin da zai tsinta. Aka kai ta, aka ɗora ta kan maganin da take sha kullum, ta gama aji shida a hannun wani malamin.

Ba kowane labari ke buƙatar wannan dogon zagaye ba. Akwai inda rubutu ne kaɗai daidai, wato duk abin da wata rana za a ce yaushe aka faɗa, wa ya faɗa. Gargaɗin kora, ko kiran uba zuwa ofishin darakta, ko bayanin kuɗin da kwamitin makaranta ya karɓa, waɗannan takarda ce da sa hannu, saƙon waya rakiya ne kawai. Ba a iya binciko kalma a cikin bokal, in gardama ta tashi bayan wata huɗu sai ka zauna kana buɗe saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Tsakanina da abokan aiki masu karatu kuma, na lura wani lokaci rubutu ya fi murya tausayi. Malamin da aka ƙi ba shi canjin wurin aiki da ya nema, ya fi son ya karanta layi biyu shi kaɗai, ya haɗiye, ya amsa lokacin da ya shirya, da a ce ya saurari minti biyu na jaje alhali ya gane ƙarshen maganar tun daga yadda aka yi sallama.

Sakamakon jarrabawar birbe ma nakan raba shi biyu. Wanda ya ci, murya, har da guɗa in akwai mai yi. Wanda bai ci ba, ba na aika komai a ranar, domin yaron ya riga ya ji a wurin da aka kira sunaye, kuma shi ya kamata ya shiga gida da labarinsa. Washegari nake aika wa uban murya, in faɗi darussan da suka ja shi ƙasa da abin da za a iya yi baɗi. Abin da nake roƙon abokan aiki su bari shi ne ɗaukar hoton jerin sakamako a zuba a zauren iyaye, inda kowa zai ga makin ɗan kowa.

Rasuwa kuwa, ko hatsarin da ya kai ga asibiti, ba na sa su a ɗayan biyun muddin akwai ƙafar da za ta iya zuwa. In mutumin na nesa, a Agadas ko Kano ko bayan sahara, nakan nemi wani babba da ke tare da shi a can, in kira wannan, shi ya je ya zauna kusa da shi ya faɗa masa. Matsalar zamanin nan ita ce sauri, domin kafin dattijon ya sa takalmi wani yaro ya riga ya ɗora hoton mamacin a status da "Allah ya jiƙan rai". Shi ya sa a makarantarmu muka yi yarjejeniya da manyan ɗalibai da matasan kwamiti cewa in abu ya faru da ɗalibi, ba mai ɗora komai sai darakta ya tabbatar iyaye sun ji daga bakin mutum. Ba kullum ake kiyayewa ba, amma an rage.

A farkon kowace shekara, cikin Oktoba, in ina cike rajista, na ƙara tambayoyi biyu a gefen lambar waya da fensir. Wayar wa ce, kuma wa ke karanta saƙo a gidan. A ajina na bana mai yara sittin da ɗaya, lambobi goma sha tara ne kawai na uba ko uwa da kansu. Sauran na kawu ne, ko maƙwabci, ko yayan da ke kwaleji a Tasawa, akwai ma lamba guda da gida huɗu suka bayar.